Lissafin zakkar kuɗi, kayan shago, zinare da bashi: abin da ya kamata ka sani

Mutane da yawa sun san zakka kashi ɗaya ce cikin arba'in, amma idan aka tambaye su kashi ɗaya cikin arba'in na me, sai magana ta rikice. Wani ya duba abin da ke asusunsa na banki kawai, ya manta da kayan da ke cike da shago. Wani ya lissafa har da motar hawansa. Wani kuma ya ce ana bin sa bashi, don haka babu komai a kansa, alhali akwai. Lissafin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Takarda ɗaya ta isa: ka tsayar da rana, ka rubuta abubuwa huɗu da ka mallaka, ka cire bashin da ke kanka, ka gwada abin da ya rage da nisabi, sannan ka raba shi gida arba'in.

Bayanin da ke tafe ya bi mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukanmu cikin littattafai irin su Risala da Muhtasar. Inda wasu malamai suka tafi a kan wani ra'ayi da zai canja maka adadi, za a nuna maka. Za mu kuma ɗauki misalin wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, mu bi lissafinsa daga farko zuwa ƙarshe. Duk farashin da za ka gani na misali ne. Kai za ka sa na ranar da kake lissafinka.

Wace rana ce ƙarshen shekarata?

Shekarar zakka ba ta ƙarewa a Disamba, kuma ba dole ba ne ta ƙare a watan azumi. Kowa da tasa ranar. Tana farawa daga ranar da dukiyarka ta kai nisabi, ta cika idan wata goma sha biyu na Musulunci suka zagayo. Wannan zagayowar ita malamai ke kira haulu. Idan ajiyarka ta kai nisabi a 10 ga Rajab, to 10 ga Rajab na baɗi ce ranar zakkarka, kuma ita za ka riƙe kowace shekara.

Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza shekarar Miladiyya da kimanin kwana 11. Wanda ke fitar da zakka kowane Disamba yana cin waɗannan kwanakin, kuma cikin shekara 33 zai tsallake zakkar shekara guda cur bai sani ba. Shi ya sa malaman wannan zamani suka ce kamfanin da ba shi da makawa sai ya rufe littafinsa a Disamba, ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari maimakon 2.5, domin ya cike giɓin.

Ga ɗan kasuwa akwai wata ƙa'ida mai sauƙaƙa aiki: riba tana bin shekarar uwar kuɗi. Ribar da ka ci jiya ba ta jiran tata shekarar, ranar jarinka ita ce ranarta. Kuɗin da ba daga jari suka fito ba, kamar albashi, gado ko kyauta, a Malikiyya sai sun yi tasu shekarar a hannunka. Hanafiyya kuwa sun ce a haɗa su da abin da ake da shi a fitar rana ɗaya. Malamai da yawa a yau suna ba ma'aikaci wannan fatawar, saboda bin kowane albashi da ranarsa yana da wuya, kuma talaka ne ke cin moriyarta.

Mene ne nisabi, kuma ta yaya zan san na bana?

Nisabi shi ne mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke hawa kanta. Na zinare dinari 20 ne, wanda a awon yau ya kama kimanin giram 85 na tsantsar zinare. Na azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Naira da sefa ba su da nisabin kansu, da ɗayan waɗannan biyun ake auna su.

A ce yau giram ɗaya na tsantsar zinare naira 200,000 ne. Sai ka ninka da 85, ka samu 17,000,000. Wannan shi ne nisabi a misalinmu. Tun da farashin zinare ba ya tsayawa wuri ɗaya, kada ka yi aiki da adadin da ka ji bara. Hukumomi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato wurare ne da za ka nemi adadin da ake ciki, ko ka tambayi farashin giram wurin masu sayar da gwal ka ninka da kanka.

Za ka iya jin wani malami ya faɗi adadin da ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Ba kuskure ya yi ba, da azurfa ya auna. A zamanin Annabi (SAW) dinari 20 da dirhami 200 kusan darajarsu ɗaya ce, yanzu kuwa azurfa ta faɗi ƙwarai a gaban zinare. Sanarwar da aka saba yi a Najeriya ta zinare ce. Masu auna da azurfa suna duba amfanin matalauta ne, domin masu fitarwa za su ƙaru. Idan dukiyarka tana tsakanin adadin biyu, ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka tsaya a kan ra'ayi ɗaya kowace shekara.

Ka lura da abu guda. Idan ka kai nisabi, duka dukiyar ake fitar wa zakka, ba abin da ya haura nisabin kaɗai ba.

Waɗanne kuɗi zan lissafa?

Duk kuɗin da suke naka a ranar, ko ina suke: na aljihu, na akwatin shago, na kowane asusun banki, na cikin waya da na'urar POS. Dala, riyal ko sefa ka juya su zuwa naira a farashin da za a canja maka a ranar. Kuɗin da kake tarawa domin aure, gini ko aikin hajji suna ciki, matuƙar suna hannunka kuma shekara ta zagayo musu. Niyyar kashe su nan gaba ba ta ɗauke musu zakka.

Kuɗin da wani ya ba ka ajiya ba naka ba ne, mai su ne zai fitar. Idan kuma banki ya zuba maka kuɗin ruwa, ka ware su gaba ɗaya ka rabu da su. Ba a tsarkake su da zakka.

Mai shagonmu ya ƙirga ya samu 1,200,000 a shago, 6,300,000 a banki, 500,000 a POS. Layinsa na farko ke nan: 8,000,000.

Yaya ake yi wa kayan shago kuɗi?

A nan Malikiyya suka raba 'yan kasuwa gida biyu, kuma sanin inda ka faɗa shi ne rabin aikin.

Na farko shi ne mudiri, wato mai juya kaya. Yana saye yana sayarwa kullum a farashin da kasuwa ta ba shi, ba ya jira. Mai shagon atamfa, mai kantin magani, mai kayan masarufi a kasuwar Singa, duk mudirai ne. Mudiri yana ƙirga kayansa duk shekara a ranar zakkarsa, ya yi musu kuɗi, ya haɗa da abin da ke hannunsa.

Na biyu shi ne muhtakiri, wato mai ajiye kaya yana jiran su yi daraja. Misali wanda ya sayi riɗi ko wake da kaka a kasuwar Dawanau ya zuba a sito, ko wanda ya sayi fili da niyyar sayarwa idan unguwa ta cika. Shi ba ya yi wa kayan kuɗi duk shekara. Sai ranar da ya sayar ya karɓi kuɗi yake fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da kayan sun yi shekara uku a ajiye, da sharaɗin shekara ta zagayo wa jarin da ya saye su da shi. Idan ya sayar a 20,000,000, zai fitar da 500,000 sau ɗaya. Sauran mazhabobi uku ba su yi wannan rabon ba, a wurinsu kowane ɗan kasuwa yana yi wa kayansa kuɗi duk shekara.

Farashin da mudiri zai sa shi ne na ranar zakka, ba wanda ya saro kayan da shi ba. Ba kuma farashin gwanjo na wanda ya matsu ba, sai dai abin da kayan za su kawo a ciniki na yau da kullum. Mai sayar da sari ya sa farashin sari. Mai sayar da ɗai-ɗai, wasu malamai sun ce ya sa farashin da yake sayarwa, wasu sun ce na sari ya wadatar.

Kayan da suka yi kwantai fa? Suna ciki, amma da darajarsu ta yanzu. Abin da ba ya ciki shi ne kayan aiki da ba na sayarwa ba: ginin shagon, kantoci, sikeli, firji, janareta da motar dakon kaya.

Mai shagonmu ya rufe shago da wuri, shi da yaransa suka sauke kaya suka ƙirga. Atamfa turmi 600, kowanne 18,000, ya kama 10,800,000. Leshi 80, kowanne 40,000, ya kama 3,200,000. A can ƙasan kanta akwai turmi 100 na wani zane da yayinsa ya wuce. Ya saro su a 15,000, amma yau ba mai taya su sama da 10,000, don haka ya rubuta 1,000,000. Layinsa na biyu: 15,000,000.

Zinaren gida fa, akwai zakka a kansa?

Amsar ta danganta da dalilin ajiye shi. Ke da kike da sarƙa, awarwaro da 'yan kunne da kike sawa domin ado, a Malikiyya babu zakka a kansu, haka ma a Shafi'iyya da Hambaliyya. Hanafiyya sun ce akwai idan sun kai nisabi, kuma wasu malamai a ƙasar nan suna bin wannan. Amma gwal ɗin da kika saya domin kada kuɗinki su narke, wanda kike cewa na ranar buƙata ne, wannan dukiya ce ajiyayya, kuma akwai zakka a kansa ko da siffar sarƙa yake. Haka wanda ya farfashe har ba ya gyaruwa sai an narka shi. Zinaren ado a hannun namiji kuwa, kamar zobe ko sarƙar da yake sawa, ba a ɗauke masa zakka, tun da sa shi bai halatta gare shi ba.

Da nauyi ake lissafin zinare, ba da kuɗin da aka biya a shago ba, domin a cikin wancan akwai ladan ƙira. Sannan a duba karat, wato ma'aunin tsantsarsa. Tsantsar zinare karat 24 ne. Mai karat 21 kashi 21 cikin 24 ne zinare, sauran wani ƙarfe ne aka gauraya domin ya yi ƙwari. Mai karat 18 kuwa kashi uku cikin huɗu ne. Sau da yawa za ki ga lambar a jikin maƙullin sarƙa: 875 na nufin karat 21, 750 na nufin karat 18, 916 na nufin karat 22. A kai wa mai sayar da gwal ya auna, a cire nauyin duwatsun da aka maƙala.

Mai shagonmu yana da giram 40 na karat 21 da ya saya a matsayin ajiya. Ya ninka 40 da 21 ya raba da 24, ya samu giram 35 na tsantsa. A 200,000 kowane giram, layinsa na uku ya zama 7,000,000. Kana iya cewa giram 35 ai bai kai 85 ba. Gaskiya ne, amma zinare da kuɗi da kayan kasuwa haɗa su ake yi wuri ɗaya kafin a gwada da nisabi. Gwal ɗin matarsa kuwa bai taɓa shi ba. Dukiyarta ce, lissafinta daban, ranarta daban.

Bashin da nake bin mutane yana ciki?

Ba duka ba. Ka buɗe littafin bashinka ka raba shi uku.

Akwai bashin kaya da kake bin abokin ciniki mai hali, wanda ya yarda da bashin kuma ka san zai biya. Idan kai mudiri ne, wannan yana shiga lissafin bana kamar yana hannunka. Idan lokacin biyansa ya yi, ka rubuta adadinsa. Idan da saura, abin da Malikiyya suka ce shi ne a ƙiyasta darajarsa ta yau, wadda kan ɗan gaza adadin, amma wanda ya rubuta shi cikakke ya fita daga shakka.

Akwai bashin da ka cire rai da shi: mutumin ya karye, ko ya gudu, ko ya musanta kuma ba ka da shaida. Wannan ba ya shiga. Idan Allah ya sa wata rana ya dawo, ka fitar masa da zakkar shekara ɗaya.

Akwai kuma rance, wato kuɗin da ka ba wani domin taimako, ba ciniki ba. A Malikiyya ba ka fitar masa da zakka sai ranar da ka karɓa, kuma ta shekara ɗaya ce ko ya daɗe. Amma wanda ya bar kuɗinsa a hannun mutane da gangan domin gudun zakka bai samu wannan sauƙin ba. Zubin adashen da ba ka kwasa ba tukuna shi ma rance ne a hannun abokan zubi. Idan kuma ka riga ka kwasa, zubin da ya rage a kanka bashi ne.

Littafin mai shagonmu ya nuna yana bin 'yan kasuwar da ke ɗaukar kaya wurinsa 5,000,000. A ciki akwai 1,000,000 a hannun wani da gobara ta cinye wa shago. Ya cire wannan, ya rubuta 4,000,000 a layi na huɗu. Ya kuma ranta wa ƙaninsa 2,000,000. Ya rubuta shi a gefe, da tunatarwar cewa ranar da aka biya shi zai fitar da 50,000.

Bashin da ake bi na kuma, zan cire shi?

Za ka cire, amma da sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba. A Malikiyya bashi yana rage dukiyar da za a fitar wa zakka ne idan ba ka da wata kadara da za ta iya biyan sa. Idan kana da abin da ya wuce buƙatarka ta dole, wanda ya shekara a hannunka, kamar filin da ka gada yana zaune ko mota ta biyu, sai a ɗora bashin a kan wannan kadarar, kuɗinka kuma a fitar musu da zakka cikakkiya. Hikimar a fili take: mai filaye uku ba matsattse ba ne don kawai ana bin sa kuɗin kaya.

Bashi mai dogon zango, irin na gida ko mota da ake biya wata-wata shekara da shekaru, malamai da yawa na yanzu sun ce a cire abin da lokacin biyansa ya yi ne kawai, wasu suka ce har na shekarar da ke tafe. Kuɗin haya ko albashin yara na watanni masu zuwa ba bashi ba ne tukuna, ba a cire su. Kuma wannan cirewar ta zakkar kuɗi da kasuwanci ce. Bashi ba ya rage zakkar amfanin gona ko ta dabbobi.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne mutum ya bar kayan da ya karɓo bashi bai ƙirga su ba, sannan ya zo ya cire bashinsu daga kuɗinsa. Ya ci sau biyu ke nan. Idan ka cire bashin, to kayan su shiga lissafi.

Dilan da ke kawo wa mai shagonmu kaya yana bin sa 9,000,000. Akwai kuma ragowar kuɗin hayar bara da albashin yara na watan jiya, 1,000,000. Jimilla 10,000,000.

To nawa zai fitar?

Ga takardarsa:

Kuɗi: 8,000,000
Kayan shago: 15,000,000
Zinaren ajiya: 7,000,000
Bashin da ake sa ran biya: 4,000,000
Jimilla: 34,000,000
A cire bashin da ke kansa: 10,000,000
Abin da ya rage: 24,000,000

Miliyan 24 ta haura nisabin miliyan 17, don haka zakka ta wajaba. Ya raba 24,000,000 gida 40, ya samu 600,000. Hanya mai sauƙi ta tabbatar da lissafi ita ce ka tuna kowace miliyan ɗaya zakkarta 25,000 ce.

Yanzu a ce yana da filin gado da ya kai 12,000,000, ba ya komai da shi. Filin kansa babu zakka a kansa tun da ba na kasuwanci ba ne, amma ya isa ya ɗauki bashin miliyan 10. Sai lissafi ya koma kan 34,000,000, zakka ta zama 850,000. Bambancin 250,000 ne, haƙƙin wasu gidaje da ke jira.

A ce kuma bashin da ke kansa 18,000,000 ne, kuma ba shi da wata kadara. Abin da zai rage 16,000,000 ne, ƙasa da nisabi. A wannan shekarar babu zakka a kansa, ko da shagon a cike yake.

Me ke ɓata zakka bayan lissafi ya yi daidai?

Da kuɗi mudiri ke fitar da zakkarsa a Malikiyya. Kwashe kayan da suka ƙi sayuwa a raba wa mabuƙata da sunan zakka, a farashin da ba mai saye, tauye haƙƙinsu ne. Yafe wa wanda ya karye bashi alheri ne babba, amma a wurin mafi yawan malamai ba ya zama zakka, domin kuɗin da ka riga ka rasa ne kake son ka mayar da su biyan farilla. Saboda haka mai shagonmu ba zai ce miliyan ɗayan da ke kan mai gobara ta biya masa zakka ba. Yana iya ba shi daga cikin 600,000 ɗin a matsayinsa na wanda bashi ya yi wa katutu, ba tare da sharaɗin ya dawo masa da su ba.

Harajin gwamnati da kuɗin ƙungiyar kasuwa ba sa maye gurbin zakka. Ba a kuma ba wa wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kamar matarka, ƙananan 'ya'yanka da iyayenka mabuƙata. Waɗanda ake ba wa kashi takwas ne, an jera su a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ka ƙulla niyya lokacin da kake ware kuɗin ko lokacin bayarwa. Idan ranarka a Rajab take, kada ka riƙe kuɗin har azumi domin neman lada, ka fitar a lokacinsu.

Idan akwai shekarun da suka wuce ba ka fitar ba, ba su faɗi ba, suna nan a kanka. Ka nemo bayanan banki da tsofaffin littattafan shago, ka ƙiyasta abin da ka mallaka a kowace shekara da nisabin ita waccan shekarar, ka biya gwargwadon yadda za ka iya har ka gama. Takardar bana kuma ka adana ta da kwanan watanta na Musulunci a sama, da sunayen basussukan da ka rubuta a gefe, domin baɗi daga nan za ka ɗora, kuma idan ta Allah ta kasance magadanka za su san abin da ya rage a fitar.